An cire kuɗina ne, an riƙe su ne, ko ba su motsa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jega. Ranar Talata na tafi Birnin Kebbi sayen taki na naira 185,000, da 620,000 a asusuna. Sau uku na sa kati a POS ɗin mai shago. Na farko ya ce DECLINED, ba alat. Na biyu ya daɗe yana juyi, ya sake cewa DECLINED, amma alat ɗin cire kuɗi ya shigo. Na uku ya yi, wani alat ɗin ya sake shigowa. Mai shago ya ce in yi haƙuri za su dawo, yau kwana huɗu ban ga alat ɗin dawowarsu ba. Kuma manhajar banki tana nuna mani balans biyu, 435,000 da 392,650. Ɗana ya ce wataƙila bambancin kuɗin wani kwas ne da ya gwada biya da katina a shafin ƙasar waje daren Talatar nan, bai tafi ba. Wane ne aka cire, wane aka riƙe, wane zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali: bisa lambobin da ka kawo, kuɗin takin da kake jira sun riga sun dawo. Cire 185,000 sau ɗaya daga 620,000, saura 435,000, kuma shi ne babban balans ɗin da kake gani. Da a ce cirewa biyun nan duk suna tsaye, da 250,000 za ka tarar. Sai dai idan wani ya turo maka 185,000 daidai a cikin kwanakin nan, wanda da ka sani. Abin da bai zo ba shi ne saƙon waya, ba kuɗin ba.

Na yi shekaru a teburin ƙorafin kati a wani reshen banki, kuma abin da ya fi kawo mutane gabana shi ne dogaro da alat. Alat saƙo ne da wata na'ura daban take turawa ta layin kamfanin waya. Yana iya makara, yana iya zuwa a juye, na dawowar kuɗi ya riga na cirewa, yana iya ɓacewa gaba ɗaya idan wayarka tana wurin da babu sabis, ka kuwa san yadda hanyoyinmu suke. Banki ba ya shari'a da alat. Abu biyu yake dubawa: layukan da aka rubuta a takardar bayanin asusunka, da kuma tazarar da ke tsakanin balans biyun nan da suka ruɗa ka. Duk wanda ya iya karanta waɗannan biyun zai raba abubuwa ukun da kake tambaya da kansa, ko a ina yake.

Sai ka san tafiyar da kuɗi suke yi kafin sauran bayanin ya zauna. Idan ka sa kati ka danna lambar sirri, na'urar mai shago ba ta san ko nawa gare ka ba. Tambaya take aikawa: ga kati kaza yana son biyan kaza, a ba shi? Tambayar tana bi ta kamfanin da ya ba mai shago na'urar, ta ratsa cibiyoyin da ke haɗa bankuna, irin su NIBSS da Interswitch, ta isa bankin da ya ba ka katin. Bankinka ya duba, ya mayar da amsa da lamba biyu. Idan 00 ce, an amince. Yawancin sauran lambobin, an ƙi. Amsar kuma sai ta sake biyo hanyar nan ta koma na'urar cikin ƴan daƙiƙoƙi. Tafiya ce da dawowa, kuma kowanne cikin abubuwa ukun yana faruwa ne a wani mataki daban na wannan tafiya.

Gwajinka na farko shi ne mafi sauƙi. An tambaya, ba a amince ba, ko kuma tambayar ba ta ma isa bankinka ba. Ba a taɓa ko kwabo ba, saboda haka babu layi a takardar asusu, babu giɓi a balans, babu abin da za ka jira. Mutane kan ce "za su dawo" a nan ma, alhali abin da bai fita ba ba ya dawowa. Shaidarsa kaɗai ita ce rasit ɗin da na'urar ta fitar, kuma a jikinsa za ka ga dalili. Idan 51 ne, kuɗin asusu ba su kai ba. Idan 55 ne, lambar sirri ba daidai ba, kuma a yawancin bankuna kuskure uku a jere yana kulle katin. 61 na nufin ka haura iyakar da aka yanka wa katin, abin da ke yawan samun masu sayen kaya da yawa a rana ɗaya. 54 katin ya ƙare wa'adi. 05, wanda ake rubutawa Do not honour, bankinka ne ya ƙi bai faɗi dalili ba. Waɗannan duk amsoshi ne tsayayyu: bankin ya ji tambayar ya ce a'a, kuma bankin da ya ce a'a ba ya cire kuɗi.

Akwai lambar da ba haka take ba, ita ce nake so ka haddace: 91, wadda na'ura ke rubutawa Issuer or switch inoperative. Ƴar uwarta 96, System malfunction, da duk rasit ɗin da ya ambaci timeout ko No response. Waɗannan ba "a'a" ba ne. Ma'anarsu "ban ji amsa ba". Na'urar ta jira ta gaji, ta buga DECLINED don ba ta da wata kalmar. To rashin jin amsa iri biyu ne. Ko dai tambayar ce ta ɓace a hanyar tafiya, wato bankinka bai san an yi ba. Ko kuma tambayar ta isa, bankinka ya ce 00, ya cire kuɗin, ya turo maka alat, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Rasit ɗin iri ɗaya ne a duka biyun. Shi ya sa kalmar DECLINED ita kaɗai ba ta isa ta gaya maka ko an taɓa kuɗinka ba.

Gwajinka na biyu, wanda ya daɗe yana juyi, wannan na biyun ne. A kasuwancin POS na cikin gida, yawanci saƙo ɗaya ne yake neman izini kuma yake cire kuɗin lokaci guda, ba a raba su. Da bankinka ya amince, ya rubuta cirewar a littafi nan take. Da na'urar ko cibiyar tsakiya ta ga amsa ba ta iso ba, ƙa'ida ita ce ta aika saƙo na biyu cewa a soke cinikin nan, ba a kammala shi ba. Wannan saƙon sokewa shi ne abin da mutane ke kira ribas. Idan ya isa, bankin ba ya goge layin farko, domin littafin banki ba a kankare shi. Sabon layi yake rubutawa na shigar kuɗi, adadi ɗaya, don ya kashe na farkon. Don haka alamar ribas ita ce layi biyu, tagwaye: ɗaya a gefen fita, ɗaya a gefen shiga.

Yadda za ka tabbatar tagwaye ne shi ne lambar da ake kira RRN. Tana jikin kowane rasit na POS, lamba ce mai gida 12, kuma kowane gwaji da tasa. Kusa da ita akwai STAN mai gida 6, da lambar na'urar mai gida 8. Ka karɓi takardar bayanin asusu daga ranar Talata zuwa yau, ko ta manhaja ko a reshe. Abin da nake sa ran za ka gani ya yi kama da wannan, lambobin RRN ɗin na misali ne, kuma kowane banki da salon rubutunsa:

```
POS PURCHASE   RRN 000412007731   DR 185,000   BAL 435,000
RVSL POS       RRN 000412007731   CR 185,000   BAL 620,000
POS PURCHASE   RRN 000412007902   DR 185,000   BAL 435,000
```

DR fita ne, CR shiga. Wasu bankuna RVSL suke rubutawa, wasu REV, wasu Reversal a cike. Dubi layi na ɗaya da na biyu, RRN ɗinsu ɗaya: cirewa da sokewarta. Layi na uku RRN ɗinsa daban, kuma ya kamata ya dace da rasit ɗin da ya ce APPROVED. Wannan shi ne kuɗin takin da ka ɗauka. Gwajin farko kuwa babu shi ko ina a takardar, kuma haka ya kamata. Jeren zai iya bambanta da wannan, ribas ɗin ya zo bayan cirewa ta biyu ko washegari, ba komai. RRN za ka bi, ba jere ba. Wani lokaci idan ma'aikatan banki ne suka mayar da kuɗin da hannu bayan kwanaki, bayanin layin yakan canza gaba ɗaya har ka ɗauka wani ne ya turo maka, amma in ka duba da kyau za ka tarar da RRN ɗin, ko ƙarshenta, a cikin rubutun.

Ina jaddada wannan ne saboda abin da na sha gani: mutum ya ga shigar kuɗi ɗaya, ya ɗauka an gama, alhali sau uku aka cire, biyu ya kamata su dawo. Ko ya ga fita biyu ya tayar da hankali bai lura da shigar da ke tsakaninsu ba. Idan adadin iri ɗaya ne sau da yawa, ido yana ruɗewa. Ɗauki biro, ka ja layi tsakanin kowane DR da CR masu RRN ɗaya. Abin da ya rage ba abokin tafiya, shi ne ainihin abin da ya fita.

Yanzu giɓin nan. Cire 392,650 daga 435,000, ka samu 42,350. Babban adadin shi ne wanda manhaja ke kira Ledger Balance ko Book Balance ko Current Balance, wato abin da littafi ya ce naka ne. Ƙaramin shi ne Available Balance, abin da za ka iya kashewa yanzu. Kai ɗan kasuwa ne, ka san wannan a aikace. Kana da buhu ɗari a sito, wani ya zo ya ce a ware masa goma, zai aiko da mota. Ka sa yara suka ja su gefe aka yi musu alama. Idan aka ƙirga sito, ɗari ne har yanzu, ba wanda ya fita. Amma idan wani mai saye ya zo, casa'in kawai za ka iya sayar masa. Riƙon kuɗi ke nan. Naira 42,350 suna cikin asusunka, an dai ɗaure su.

Dalilin da ya sa cinikin ɗanka ya zama riƙo, na taki kuwa ya zama cirewa, shi ne biya a shafukan ƙasar waje ta hanyar Mastercard ko Visa mataki biyu ne. Da farko a nemi izini, bankinka ya amince ya ware kuɗin. Daga baya, bayan kwana ɗaya ko biyu ko fiye, mai sayarwa ya aiko da takardar karɓa, sai a cire su da gaske a rubuta a littafi. Tsakanin matakan nan biyu kuɗin suna rataye. Manhajoji kan nuna su da Pending, ko Hold, ko Lien, ko Blocked amount, sau da yawa a wani shafi daban ba cikin jerin cinikin da aka kammala ba. A takardar bayanin asusu ta hukuma galibi ba sa fitowa sam, domin ba a rubuta komai a littafi ba tukuna. Adadin ma da ya zo da ɓarɓashi, 42,350 maimakon dunƙulallen adadi, ya yi kama da dala ce aka juya zuwa naira.

Ana iya samun riƙo ko da shafin ya ce biyan bai yiwu ba. Bankinka ya amince, amma can ɓangaren mai sayarwa na'urarsu ta tantance zamba ta ƙi cinikin, ko shafin ya yanke kafin a kammala. Ya kamata su aiko da saƙon sakin kuɗin, amma ba kullum suke yi ba, kuma ko sun aiko ba kullum yake haɗuwa da riƙon a bankinka ba. Sai kuɗin su zauna a ɗaure har wa'adin riƙon ya cika. A tsarin Mastercard, izinin ciniki na yau da kullum kwana 7 yake, izinin wucin gadi irin wanda otal da masu hayar mota ke nema kuwa kwana 30. Kowane banki yana saita nasa lokacin sakin a kusa da waɗannan, saboda haka ka tambaye su kai tsaye ranar da wannan riƙon zai faɗi. Suna ganinta a na'urarsu.

Ga inda mutane suka fi wahalar da kansu. Ranar da riƙo ya faɗi, ba alat ɗin shigar kuɗi, ba sabon layi a takarda. Ba abin da ya shiga, tunda ba abin da ya fita. Ƙaramin balans ɗin kawai zai tashi ya cimma babban, ka wayi gari ka ga 435,000 a duka biyun. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kowa ya koma kati da taransifa na'urori suka cika suka batse, akwai wata baiwar Allah da ta yi ta zuwa reshenmu kusan mako biyu tana cewa ba a mayar mata da kuɗinta ba. Mun saki riƙon tun zuwanta na farko, har ta kashe kuɗin a cefane ba ta sani ba. Alat take jira. Laifin namu ne, wanda ya saurare ta ya ce mata "za a mayar miki", kalmar da ba ta dace da riƙo ba. Tun daga ranar na daina cewa "mayarwa" sai ga ribas, riƙo kuwa "saki" nake cewa.

Riƙo yana da ƙarshe biyu, kuma kada ka ɗauka lallai sakin zai zo. Mai yiwuwa can wajen masu kwas ɗin biyan ya shiga, shafin ne kawai ya nuna kuskure. In haka ne za su aiko a karɓa, sai ka ga layin DR ya bayyana, babban balans ya sauko ya tarar da ƙaramin. Wasu suna ganin wannan su ce an cire musu sau biyu, musamman idan bankinsu yana tura alat tun lokacin riƙo sannan ya sake turawa lokacin cirewa. Ba sau biyu ba ne. Ƙirga layukan takarda, ɗaya za ka samu. Adadin na iya ɗan bambanta da 42,350 saboda canjin farashin dala tsakanin ranar izini da ranar karɓa. Haka kuma yana faruwa riƙo ya faɗi, ka ga kuɗi sun saku, bayan kwanaki mai sayarwa ya aiko a makare a cire. Don haka ɗanka ya duba imel ɗinsa da shafin kwas ɗin ko an buɗe masa. Idan an buɗe, kuɗin nan ba naka ba ne, ko da ka ga sun saku. Kuma kada ya sake gwada biyan kafin ya tabbatar, kowane gwaji yana iya ɗaure wasu 42,350 ɗin.

Zan ƙara da cewa zancen kwas ɗin zato ne mai ƙarfi, ba tabbas ba. Ba kati kaɗai ke kawo giɓi tsakanin balans biyu ba. Cak da aka saka bai wanke ba yana kawowa. Bashin banki da lokacin biyansa ya zo yana kawowa. Kuɗin da wani ya turo bisa kuskure ya kai ƙara, banki kan ɗaure su har a bincika. Tambayar da za ka yi a reshe gajera ce: riƙon nan na 42,350, wa ya sa shi, yaushe aka sa, yaushe zai faɗi? Idan na kati ne za su ga sunan mai sayarwa da lambar izini mai gida 6.

Akwai hali na huɗu da ba ka tambaya ba, amma shi ne wanda ake asara a cikinsa, kuma da a ce balans ɗinka 250,000 ya nuna, da a cikinsa kake. Rasit ya ce DECLINED, takarda ta nuna DR, babu CR mai RRN ɗinsa, balans biyun kuma sun sauka tare. Wannan ba riƙo ba ne, ba zai faɗi da kansa ba. Cirewa ce cikakkiya da saƙon sokewarta ya ɓace. Kuɗin suna ɗaya daga wuri biyu. Ko suna wani asusun cikin gida na bankinka inda ake tara kuɗin kati kafin a biya ɗaya ɓangaren, sai ma'aikata sun kwatanta littafinsu da rahoton cibiyar tsakiya su ga ba a nemi waɗannan ba su mayar. Ko kuma cibiyar ta rubuta cinikin a matsayin wanda ya yi, kuɗin suka wuce asusun mai shago shi ma bai lura ba, tunda na'urarsa ta ce masa bai yi ba. A wannan na biyun, ko shekara ka jira ba za su dawo ba sai ka shigar da ƙorafi, bankinka ya tura wa kamfanin na'urar, a tambayi mai shago ko ya ba da kaya a kan wannan RRN. Idan ya amsa bai bayar ba, ko ya kasa kawo rasit mai APPROVED, a cire daga wajensa a ba ka.

Wannan ne ya sa ban son maganar "ka yi haƙuri za su dawo" da ake yi wa kowa. Mai shagon ba ƙarya ya yi maka ba, shi ma ba ya ganin asusunka, abin da ya saba faɗa ne. Amma haƙuri yana da amfani ne a riƙo kawai. A ƙin izini ba abin jira. A ribas an riga an gama. A cirewar da ba ta da tagwai kuwa, jira ɓata lokaci ne, kuma ƙorafin kati yana da wa'adi, idan ya tsufa bankin ma ba zai iya bi maka ba. Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarni, wanda ya fara aiki a watan Yuni na 2020, cewa matsalar ATM na bankinka a mayar nan take, in ya gagara kada ya wuce awa 24, ta ATM ɗin wani banki awa 48, ta POS da intanet kuma awa 72. A aikace ana wuce haka, na sani, amma ma'auni ne mai kyau: idan kwana uku suka wuce ba ka ga CR ba, shigar da ƙorafi. Ka tafi da rasit ɗin da aka ƙi, ko hotonsa, domin tawadar irin wannan takarda tana gogewa cikin aljihu da zafin Kebbi kafin mako ya zagayo. Za a tambaye ka rana, adadi, RRN, da lambobi huɗu na ƙarshen katinka. Ka karɓi lambar ƙorafi kafin ka tashi. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin yana karɓar ƙara, kuma lambar ƙorafin nan ce za su fara tambaya.

Hattara ɗaya a nan: ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka, ko lambobi ukun bayan kati, ko lambar da aka turo wayarka, wai don a yi maka ribas. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya cikinsu. Mazambata sun fi samun mutum a daidai lokacin da yake jiran kuɗinsa.

Sannan kada ka haɗa ribas da mayarwar mai shago. Idan ciniki ya kammala, daga baya ka mayar da kaya ko aka fasa, mai sayarwa ya tura maka kuɗinka ta kati, wannan sabon ciniki ne da ke tafiya ta baya. Yakan zo da Refund, sau da yawa da wata RRN daban, kuma yana ɗaukar kwanaki. Shi ya sa nake ba ƴan kasuwa shawarar kada su miƙa wa mutum tsabar kuɗi don ya nuna alat alhali na'ura ta ce DECLINED. Idan ribas ya biyo baya, mutumin ya karɓa sau biyu. Kai ma in kana da na'ura a shagonka a Jega, tarihin ciniki na manhajar na'urar za ka duba da RRN, ba wayar mai saye ba.

Idan irin wannan ta sake samunka a gaban mai shago, kada ka yi saurin sake sa kati bayan 91 ko juyi mai tsawo. Karɓi rasit ɗin, buɗe manhaja ko ka danna lambar duba balans ta bankinka, ka ga ko ya sauka. In bai sauka ba, sake gwadawa. In ya sauka, jira minti biyar zuwa goma, ribas na kai tsaye yakan iso a cikin wannan lokaci. Ranar Talata asusunka ya iya ɗaukar cirewa biyu ne shi ya sa na ukun ya wuce. Da 300,000 ne gare ka, kuma ribas bai riga ya iso ba, da gwaji na uku ya dawo da 51, ka tsaya kana mamakin yadda kuɗi suka kasa alhali ba ka sayi komai ba.

Abin da ya rage maka, Alhaji, shi ne ka ciro takardar asusu daga ranar Talata ka nemi CR na 185,000 mai RRN ɗaya da rasit na biyu, sannan ka tambayi reshe sunan wanda ya sa riƙon 42,350 da ranar faɗuwarsa. Idan sun ce na kati ne kuma ɗanka ya samo saƙo daga masu kwas ɗin cewa ba su karɓi biyan ba, ka kai musu saƙon a buge. Da shi wasu bankuna sukan saki riƙon kafin wa'adinsa, wasu kuma sai sun jira ranar ta cika.